Shin zinare yakan tashi duk lokacin da aka shiga yaƙi?

"Na ji an ce da yaƙi ya ɓarke zinare ke tashi. In tafi kasuwar Wuse in saya in ajiye?"

Yakan tashi, Hajiya, amma ba kullum ba, kuma sau da yawa tashin ba ya daɗewa. Dalili shi ne zinare ba bashi ba ne a kan kowa: banki na iya durƙushewa, gwamnati na iya buga takardun kuɗi har su rasa daraja, shi kuwa ba a buga shi. Shi ya sa masu dukiya kan ruga gare shi idan hankali ya tashi.

Abin da ke karya shi kuɗin ruwan Amurka ne, domin zinare a ajiye ba ya haifar da ko sisi. Da Rasha ta afka wa Yukren a 2022, oza ɗaya, wato giram 31.1, ta haura dala 2,000 a watan Maris. Sai babban bankin Amurka ya yi ta ƙara kuɗin ruwa, dala ta yi ƙarfi, masu kuɗi suka koma wa takardun lamunin gwamnatin Amurka. Kafin ƙarshen Oktoba oza ta sauko ƙasa da dala 1,700, alhali yaƙin na ci gaba. A Wuse kuma farashin giram yana bin canjin dala ne, don haka idan naira ta farfaɗo zai iya sauka ko da ya tashi a waje. In sarƙa kika saya, kuɗin ƙira ba ya dawowa ranar sayarwa.