Jawabin Rufe Shari'a a Kotun Gwaji: Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Salam Barista. Ni ɗaliba ce ina aji huɗu a sashen shari'a a harabar Kongo ta ABU Zariya, an sa ni lauyar mai ƙara a kotun gwajin da za mu yi, kuma ni zan yi jawabin ƙarshe. Kes ɗin na cinikin masara ne, an biya kuɗin buhu 200 aka kawo 120 kawai. Na rubuta jawabin har shafi shida amma malaminmu yace labari na bayar, ban ɗaura hujja kan da'awa ba. Dan Allah me yake nufi? Na turo maka fayil ɗin, minti goma kawai aka ba ni.

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Na karanta fayil ɗin da jawabin naki, kuma gaskiya malaminki bai zalunce ki ba. Kin bi shaidu ɗaya bayan ɗaya, wane ya zo yace kaza, wance ta zo tace kaza, to ai alƙali yana zaune aka yi duk wannan, shi ya rubuta da hannunsa ma. Abin da yake jira daga bakinki shi ne ki nuna masa wace magana ce ta tabbatar da wane abu. Mu nan ba mu da juri da za a sosa wa zuciya, alƙali ne guda da biro a hannu, kuma in kika yi aikinki da kyau kusan kin rubuta masa hukuncinsa ne.

Toh ki ajiye shaidun tukuna, ki fara daga da'awar. Ƙarar saɓa yarjejeniya tana tsaye ne kan ƙafa huɗu: an ƙulla ciniki, mai ƙara ya cika nasa ɓangaren, wanda ake ƙara ya saɓa, sannan saɓawar ta jawo asarar da za a iya lissafawa. Ki ɗauki farar takarda ki rubuta huɗun nan, ƙarƙashin kowanne ki sa sakin layin takardar da'awa da ya faɗe shi, da shaidan da ya yi magana a kai, da lambar ezibit, da abin da ɗaya ɓangaren yace. Sakin layin nan kar ki raina shi, don shaidar da aka bayar kan abin da ba a rubuta a takardar da'awa ba kotu watsar da ita take yi komai kyanta. Duk maganar da ba ta samu gurbi a farar takardar nan ba ki cire ta, za ki ga shafi shida ya dawo biyu da rabi.

Buɗewa a taƙaice, jimla uku sun isa. Nauyin hujja yana kanki bisa sashe na 131 na Dokar Shaida ta 2011, abin da muka taso muna ji ne a makarantar zaure, hujja tana kan mai da'awa. Sashe na 134 kuma yace a shari'ar da ba ta laifi ba rinjaye ake nema, shi ne sikelin nan na shari'ar Mogaji da Odofin ta 1978, a ɗora shaidar kowa a ga wadda ta fi nauyi.

Ƙafa ta farko da ta biyu kar ki ɓata musu lokaci, a nan kika ƙona shafi biyu a banza. Wanda ake ƙara da kansa ya amsa a takardar kariyarsa cewa an yi cinikin buhu 200 kan naira 50,000 kowanne kuma kuɗi sun shiga asusunsa. Sashe na 123 yace abin da aka amsa baya buƙatar hujja. Kawai ki ce:

“Ya mai shari'a, ciniki da biyan kuɗi babu jayayya a kansu. Wanda ake ƙara ya amsa su a sakin layi na 3 da na 4 na kariyarsa. Ezibit 1 takardar yarjejeniyar ce ta 2 ga Disamba, ta sa 15 ga Janairu ranar kawo kaya, Ezibit 2 kuma takardar banki ce mai nuna naira miliyan 10. Muna roƙon kotu ta ɗauki waɗannan biyun a matsayin tabbatattu.”

Shikenan, daƙiƙa arba'in, ki wuce.

Inda rigimar take shi ne ƙafa ta uku, nan za ki kashe rabin lokacinki. Wanda ake ƙara cewa yake ya kawo duka 200, wai sauran 80 ɗin yaron shagon mai ƙara ya miƙa wa. Abu uku kike da su a hannu kuma sai kin jera su yadda ɗaya zai tallafi ɗaya. Akwai mai kula da sito, shaida na biyu, wanda yace da idonsa ya ƙirga buhu 120 aka sauke daga mota ɗaya a Sabon Gari, ga littafin sito Ezibit 3 ya yi daidai da bakinsa. Na duba rubutun zaman, da lauyan can ya tashi yi masa tambayoyi ko sau ɗaya bai taɓa maganar adadin buhu ba, ya tsaya tambayarsa shekara nawa ya yi yana aiki. Wannan kyauta ce aka ba ki kuma ba ki ɗauka ba! Shaidar da ba a ƙalubalanta ba, in dai abin yarda ce, kotu tana karɓarta, amma sai kin nuna wa alƙali da yatsa. Sai saƙon WhatsApp, Ezibit 4, na 20 ga Janairu inda wanda ake ƙara ya rubuta “ka ƙara min haƙuri sati biyu sauran suna hanya daga Giwa”. An riga an karɓe shi da takardar shaidar da sashe na 84 yake nema, don haka kar ki koma jayayyar karɓa, maganar nauyinsa za ki yi. Na uku shi ne abin da shi bai kawo ba. Ga yadda zan faɗa in ni ne:

“Ya mai shari'a, tambaya ɗaya ce a nan, buhu 80 sun iso ko ba su iso ba? Shaida na biyu ya ƙirga 120, Ezibit 3 ya nuna 120, kuma ba a tambaye shi komai kan wannan adadi ba. Wanda ake ƙara yace ya kammala kawowa ranar 14 ga Janairu. To ranar 20 ga Janairu, kwana shida bayan nan, waɗanne saura ne yake cewa suna hanya a Ezibit 4? An tambaye shi, yace bai tuna ba. Shi ya kawo maganar miƙa wa yaron shago, sashe na 136 ya ɗora masa tabbatar da ita. Ya faɗa a gaban kotu cewa yana da takardar sauke kaya a gida, bai kawo ta ba. Muna roƙon kotu ta ɗauka, bisa sashe na 167(d), cewa da ya kawo ta da ba ta goyi bayansa ba.”

Ki lura da 167(d) ɗin nan, ɗalibai suna yawan zamewa a kai. Magana yake kan hujjar da mutum yake da ita ya ɓoye, ba wai don ya ƙi kiran wani takamaiman mutum ba, shi yasa na rataya shi kan takardar ban rataya shi kan direban motar ba. In kika ce “bai kira direba ba saboda haka ƙarya yake” alƙalin da ya san aikinsa zai tsayar da ke nan take.

Wani abu da ya dame ni a rubutunki, sau huɗu kika kira shi ɗan damfara. Ki goge duka. Ba ku rubuta zamba a takardar da'awa ba, kuma da kun rubuta ta ta zama abin jayayya kai tsaye da sashe na 135 ya hau kanki, sai kin tabbatar ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba kamar shari'ar laifi. Me zai sa ki ɗaukar wa kanki kayan da ba a ɗora miki ba? Ke dai kaya ba su iso ba, wannan ya wadatar. Haka maganar da kika sa cewa “kowa a kasuwa ya san halinsa”, babu shaidan da ya faɗi haka, kuma jawabin lauya komai daɗinsa baya zama shaida.

Saura kuɗi, kuma a nan na fi ganin ana faɗuwa, mutum ya ci shari'a ya fita da rabin abin da ya nema. Ki yi lissafin da baki a gaban alƙali a hankali yadda zai iya rubutawa. Buhu 80 sau 50,000 naira miliyan 4 kenan, kuɗin da aka biya ba a samu kaya ba. Sannan ƙa'idar cinikin kaya ita ce in mai sayarwa bai kawo ba, diyya ita ce ratar da ke tsakanin farashin yarjejeniya da farashin kasuwa a ranar da ya kamata a kawo. Shaida na uku, dillalin hatsi, yace ranar 15 ga Janairu buhu yana 62,000, rata 12,000 kenan, sau 80 ya ba da 960,000. Jimla 4,960,000. Ki jaddada ranar, don lauyan can zai so ya ja ku zuwa farashin Disamba lokacin da sabuwar masara ta cika kasuwa.

Sai naira miliyan 1.5 da kuka nema wai ribar da ya rasa a kwangilar wani gidan kaji. Na bi fayil ɗin kaf, ba takardar kwangila, ba wanda ya zo daga gidan kajin, bakin mai ƙara ne kawai, kuma babu inda aka nuna mai sayarwa ya san da wannan kwangilar lokacin ciniki. Irin wannan diyya ta musamman sai an zayyana ta dalla dalla an kuma tabbatar da ita sosai. Shawarata a kotun gwaji ki miƙe ki ce “ya mai shari'a, ba ma matsa wa kan roƙo na uku”. Na san da ciwo, amma alƙali zai fi yarda da sauran lissafinki in ya ga ba kya jan abin da babu hujja. A kotun gaske kam sai kin zauna da wanda kike wakilta ya amince kafin ki saki ko kwabo.

Ki tuna da jerin magana. Tunda wanda ake ƙara ya kira shaida, lauyansa ne zai fara jawabi, ke ki biyo, shi kuma ya samu damar martani kan batun doka kaɗai. Kenan za ki ji duk abin da zai faɗa kafin ki buɗe baki, don haka ki bar fili a gefen takardar nan taki ta ƙafa huɗu, yana magana kina sa kowace suka ƙarƙashin ƙafar da ta shafa, in kin iso wurin sai ki amsa ta a nan.

Minti gomanki ki raba haka: ɗaya buɗewa, ɗaya ciniki da biya, biyar saɓawa, biyu lissafi, na ƙarshe ki karanto roƙonki da adadinsa daidai yadda yake a takardar da'awa, ban da na ukun. Ki gwada da agogon waya sau biyu a ɗaki, ki sa wata ƙawarki ta riƙa katse ki tana cewa “wane ezibit ne ya nuna haka?”, duk jimlar da kika kasa amsa mata ki koma fayil ki nemo lambar ko ki cire jimlar.