Ba a haɗa mita da sakan, sai an maida su kashi cikin ɗari

Malam barka da hutawa. Gwajin fendulum ɗin nan na yi, tsawon zare 0.800 m ± 0.002, lilo 20 ya ɗauki sakan 36.0 ± 0.2, kalkuleta ta ba ni g = 9.74775. Na haɗa 0.002 da 0.2 na rubuta ± 0.202, an zana man jan biro a ripot ba a ce komi ba. Mi na yi ba daidai ba?

Barka kadai. Awonka ba shi da laifi yaro, hannunka ya fara zama, wajen lissafin ne ka yi ɓaranɓarama. 0.002 ɗin nan mita ce, 0.2 kuwa sakan ne, in ka shiga kasuwa ka ce tiya biyu ta gero da yadi uku na shadda sun tashi biyar ai sai a tambaye ka biyar ɗin mi. Shi ya sa anka zana maka biro. Ni ma da nike sabon shiga lab na yi irinta, wanda ya koya man aiki bai ce uffan ba, miƙo man takardar kawai ya yi ya ce in gaya mashi yunit ɗin amsar.

Duk inda fomula ta zama sau ce ko rabawa, ba girman ero ɗin, wato lambar da ke bayan ±, ake dubawa ba, ana duba shi ne a kan girman abin da anka auna. Tela ya yi kuskuren inci ɗaya a babbar riga ba wanda zai lura, ya yi inci ɗayan nan a hula kuwa ba ta zama kai. To haka nan, kowane ero sai ka raba shi da awon nashi, ya koma kashi cikin ɗari, a nan yunit ya ɓace kuma sai su iya zama inuwa ɗaya. Fomularka ita ce wagga, g ƙarfin jan ƙasa ne, L tsawon zare, T lokacin lilo ɗaya, δ kuma na nufin ero ɗin abin da ke gabanta:

```
g = 4π²L / T²
δg/g = √[ (δL/L)² + (2·δT/T)² ]
```

Fara da zare. 0.002 raba 0.800 ya ba ka 0.0025, wato kashi 0.25 cikin ɗari. Sai lokaci, 0.2 raba 36.0 ya ba ka kashi 0.56. Lura nan don wajen ne yara da yawa ke zamewa: T ɗinka 36.0 raba 20 ne, 1.80, to ero ɗin shi ma sai an raba shi da 20, ya koma 0.01, ba wai ka rubuta 1.80 ± 0.2 ba. In ka raba 0.01 da 1.80 kashi 0.56 ɗin nan dai zai fito, don 20 ɗin ƙirga ce ba awo ba, ba ta da ero nata, haka ma 4π² ba ruwansu, kada ka wahalar da kanka a kansu.

Yanzu wancan 2 da ke gaban δT/T. T a fomula sukwaya ne, T sau T, don haka in agogo ya zarce da kashi 0.56 to sau biyu ya shiga, ya zama kashi 1.11. In da T³ ne sai ka ninka da 3, in sukwaya rut ne sai rabi. Kasancewar T a ƙasa take ba a sama ba bai canza komi ba wajen girman ero, abin da ya canza kawai in T ta ƙaru g raguwa zai yi.

To ga su nan biyu, 0.25 da 1.11. Akwai masu haɗa su kai tsaye su samu 1.36, ba haram ba ne, littattafan sakandare da yawa haka suke yi, amma wannan shi ne ka ɗauka ranar nan rula da agogo sun haɗa baki sun cuce ka gefe guda kuma iyakar cuta. A zahiri rula ba ta san abin da babban yatsanka ke yi kan agogo ba, wani lokacin ɗaya ya ja sama ɗaya ya ja ƙasa su rage ma juna. Shi ya sa ake sukwaya ɗin kowanne, a haɗa, a ɗauki rut. Kamar ka yi taku huɗu gabas ka yi uku arewa ne, nisanka da inda ka taso biyar ne ba bakwai ba. 0.25 sukwaya 0.0625, 1.11 sukwaya wajen 1.23, jimla wajen 1.30, rut ɗin shi 1.14. Kashi 1.14 na 9.748 shi ne 0.11. Abin da za ka rubuta kenan:

```
g = 9.75 ± 0.11 m/s²
```

Ka ga na sare 9.74775 ɗin nan naka. In tababa ta riga ta fara tun daga lamba ta farko bayan ɗigo, sauran jelar da kalkuleta ta zubo ado ne kawai, kuma mai maki da ya gan ta ya san ba ka gane abin da kake yi ba. Ero lamba ɗaya ake bar mashi, ko biyu in ya fara da 1 kamar wanga, sannan amsar ta tsaya daidai gurbin da ero ya tsaya. Amma saran a ƙarshe ake yin shi, tsakiyar lissafi bar lambobinka su cika.

Wata dabara da nike so ka riƙe, don wata rana za ka gamu da fomula mai sin ko log wadda wanga tsari na kashi ba ya hawa kanta kai tsaye. Ka tura awo ɗaya zuwa bakin ero ɗin shi, ka bar sauran yadda suke, ka sake buga kalkuleta ka ga nawa amsa ta motsa. Sa lokaci 36.2, T ta zama 1.81, g ya sauko 9.640, ya motsa da 0.108. Maida lokaci yadda yake, sa zare 0.802, g ya hau 9.772, motsi 0.024. Sukwaya su, haɗa, rut, 0.11 ta sake fitowa. In hanyoyin biyu sunka ba ka amsa daban to akwai inda ka yi tuntuɓe, yawanci ka manta 2 ɗin ne. Iyakar dabarar da fomular duka, suna aiki ne in ero ƙarami ne a kan awon, in ya kai kashi 20 ko 30 sai ka ga motsin sama da na ƙasa sun ƙi zuwa ɗaya.

Amma ni abin da ya fi dami na da ripot ɗin yara, sai su gama wanga lissafi su ja layi su rufe littafi, alhali lissafin magana yake masu. Dubi lambobin nan kuma, 0.0625 da 1.23. Zare bai kai ko kashi biyar cikin ɗari na jimlar ba, kusan duk ero ɗin daga agogo ya fito, kai ko ka share na zare gaba ɗaya 1.11 za ka samu maimakon 1.14. To mi ke nan? Ko ka kwana kana gyara awon zare da baniya kalifa, ma'aunin nan na ƙananan tsawo, ba abin da zai ƙaru, gyaran shina wajen lokaci. Kuma 0.2 ɗin nan ba laifin agogo ba ne, agogon na nuna har 0.01, yatsan ɗan Adam ne ke makara wajen dannawa, shi ya sa na ji daɗi da ba ka rubuta ± 0.01 ba kamar yadda wasu ke yi. Tunda yatsa ba ya gyaruwa sai a tsawaita lokacin. Ƙirga lilo 50, lokaci ya kai wajen sakan 90, 0.2 ɗin na nan yadda yake, ya koma kashi 0.22, sau biyu 0.44, haɗa da na zare ka samu 0.51, wato ± 0.05. Ka ga ka rage ero da fiye da rabi ba ka sayi komi ba, minti ɗaya kawai ka ƙara. In ka je lilo 100 na lokaci ya sauko 0.22, ya koma ƙasa da na zare, ero ya zama ± 0.03, daga nan kuma ƙara ƙirga ɓata lokaci ne, sai a koma kan rula. Wanga bayani shi ake so a gani ƙarƙashin lissafin ero, layi uku ya isa.

Sai batun kwatanta amsarka da ta littafi. Kowa 9.81 ya haddace, amma wannan na ƙasashen da ke wajen digiri 45 ne, mu nan Sakkwato muna wajen digiri 13 arewa da ikwaita, g ɗinmu wajen 9.78 ne. Naka ya kama daga 9.64 zuwa 9.86, ko wanne ka ɗauka cikin biyun shina ciki, don haka ka rubuta cewa sakamakon ya dace da abin da ake tsammani. Kada ka kira bambancin 9.75 da 9.78 ero ɗin gwajinka, abu biyu ne daban, ero daga kayan awo ake lissafo shi tun ba a buɗe littafi ba.

In kuwa wata rana amsa ta faɗa nesa da iyakar, ninki uku ko huɗu na ero, kada ka kumbura ± ɗin don ya rufe, kuma kada ka rubuta kuskuren ɗan Adam ka wuce, wannan kalma ba ta cin maki. Akwai irin kuskuren da wanga lissafi ba ya gani ko kaɗan, mai ja gefe guda kullum, kuma girman shi da gefen da ya ja su ke tona shi. In g ya fito wajen 10.8, kusan kullum ƙirga ce, yaro ya ce ɗaya lokacin da ya saki ƙwallo maimakon ya ce sifiri, ya ƙirga 19 ya raba da 20. In g ya ragu da kashi ɗaya da wani abu kuma ka maimaita sau biyar bai gusa ba, duba ko ka auna zare zuwa saman ƙwallo ne ba tsakiyarta ba, ƙwallo mai faɗin santimita 2 ta ci maka santimita 1 kenan, kashi 1.25 a zaren 0.800. Ko kuma ka ja ƙwallon da nisa, a digiri 20 T na ƙaruwa da wajen kashi 0.8, g ya faɗi da kashi 1.5, shi ya sa muke cewa kada a wuce digiri 10. Fanka ma na taɓa shi, na san da zafin Afrilu ba mai son a kashe ta amma minti biyu ba ya kashe mutum.

Gobe in Allah ya kai mu ka shigo da wuri kafin 'yan aji su cika wurin, ka sake da lilo 50 sau uku, ka auna faɗin ƙwallon da baniya ka gaya man ko zuwa tsakiya ka auna 0.800 ɗin nan, don ban ga ka rubuta ba. Makullin kabad ɗin agogo na wajen mai gadi.