Manhajar banki biyu masu tambari ɗaya a Play Store: wacce ce ta gaskiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na canza waya, na shiga Play Store na rubuta sunan bankina, sai manhaja biyu suka fito, tambari iri ɗaya, launi iri ɗaya. Mai gyaran waya ya ce in sauke kowacce, wai duk abin da ke Play Store an tantance shi. Na sauke ta sama, mai taurari 4.8, na sa lambar wayata da kalmar sirri. Da ta nemi lambar katina da PIN sai gabana ya faɗi, na rufe. An riga an cuce ni ne? Kuma yaya zan gane ta gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kin yi daidai da kika tsaya, amma ki ƙaddara kalmar sirrin nan ta riga ta fita daga hannunki. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, ki juya bayan katinki, ki kira lambar bankin da ke rubuce a wurin, ki ce su dakatar da shiga asusun ta manhaja har sai an canza kalmar sirri. In kina amfani da ita a imel ko wani asusu, can ma ki canza, kuma ta wata wayar za ki yi. Sannan ki goge manhajar. Kafin gogewar ki leƙa Settings, ƙarƙashin Accessibility da kuma Device admin apps, ki ga ko sunanta na kunne. In yana nan ki kashe, domin da izinin farko manhaja ke karanta abin da ke kan allo, har da lambar OTP da banki ya turo, na biyun kuma kan sa ta ƙi goguwa.

Maganar mai gyaran wayarki ita ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji ta, kuma ba daga bakin marasa ilimi kaɗai ba. Har masu sayar da kwas na koyon kirifto suna faɗin ta da ƙarfin hali: in dai daga Play Store ko App Store ka sauke, ka kwanta ka yi barci. Ba haka ba ne. Shagunan nan suna bincike, kuma saukewa daga cikinsu ya fi karɓar fayil ɗin APK a WhatsApp nesa ba kusa ba. Amma suna duba manhajar ne kamar yadda aka miƙa musu ita a ranar. Macuci kan miƙa abu mai tsafta, a amince, daga baya ya canza suna da hotuna, ko manhajar ta riƙa jawo shafin da take nunawa daga intanet, inda shi ke da ikon sauya shi duk lokacin da ya ga dama. Kuɗin shiga kuwa ba wani abu ba ne: dala 25 sau ɗaya a Google, dala 99 a shekara a Apple. Wanda ke sa ran kwashe asusun mutum goma ba zai ji wannan ba.

A 2021 an sami manhajar bogi a App Store mai suna Trezor, sunan wani kamfani mai ƙera na'urar ajiyar kuɗin kirifto, da tambarin kamfanin da taurari kusan biyar, alhali a lokacin Trezor ba su da manhajar iPhone sam. An shigar da ita da sunan manhajar ɓoye bayanai, bayan an amince ta rikiɗe ta zama walet, wato manhajar ajiyar kuɗin kirifto. Mutum ɗaya ya rasa bitkoyin 17.1 a cikinta, kimanin dala 600,000 a farashin wancan lokaci. A 2024 kuma walet ɗin Rabby na bogi ya riga na gaskiya fitowa a App Store, masu na gaskiyar suna can suna jiran a amince da nasu. To wa zai ce min kasancewa a shago hujja ce?

Taurarin da suka ja ki ma sayensu ake yi, da sharhin yabo duka. Kuma sau da yawa abin da ke saman sakamakon bincike talla ce da aka biya, za ki ga an rubuta Sponsored ko Ad da ƙananan haruffa. Tambari kuwa hoto ne, kowa na iya kwafa. Ganin kitse ake wa rogo.

Sai mutane su ce, to a duba sunan mawallafi, wato sunan da ke ƙarƙashin na manhajar. E, a duba, amma ido kaɗai ba ya wadatarwa. A Nuwamban 2017 wata manhaja mai suna Update WhatsApp Messenger ta samu saukewa sama da miliyan ɗaya a Play Store, kuma sunan mawallafinta WhatsApp Inc. ne sak. Dabarar ita ce an liƙa wani harafi marar ganuwa a ƙarshen sunan. A wurin na'ura suna ne daban, a idon mutum kuwa babu bambanci ko kaɗan. Wannan misalin ya kuma nuna miki cewa yawan masu saukewa ma ba ya wanke manhaja.

Shi ya sa hanyar da nake koya wa mutane ita ce a juya tafiyar. Kada ki fara daga shago ki nemi banki. Ki fara daga banki, shi ya kai ki shago. Ki samo adireshin shafin bankin daga abin da ya fito daga hannunsu, bayan kati ko takardar bayanin asusu, ki rubuta shi da hannunki a burauza. Kada ki bi ta binciken Google, can ma akwai tallan bogi. A shafin za ki ga maɓallin Get it on Google Play ko Download on the App Store. Inda wannan maɓalli ya sauke ki, nan ce manhajarsu. Dalilin kuwa shi ne, kowa na iya rubuta adireshin bankin gaskiya a shafin manhajarsa ta bogi, amma ba zai iya sa shafin bankin ya nuno manhajarsa ba.

Yanzu mu ɗauki naki biyun mu gwada su. Kowace manhajar Android tana da suna na ciki wanda manhaja biyu ba sa tarayya a kansa a Play Store. Ki buɗe shafin ta farko a shagon, ki taɓa ɗigo ukun nan na sama, ki zaɓi Share, ki kwafe adireshin ki liƙa a inda za ki iya karanta shi. Ga yadda na WhatsApp da walet ɗin MetaMask na gaskiya suke:

```
play.google.com/store/apps/details?id=com.whatsapp
play.google.com/store/apps/details?id=io.metamask
```

Abin da ya biyo bayan `id=` shi ne sunan. Ki yi wa ta biyun haka, sannan ki yi wa wadda shafin bankin ya kai ki. Ki jera ukun ki bi su harafi bayan harafi. A ce ta bankin ta nuna `com.sunanbanki.mobile`, wadda kika sauke kuma ta nuna `com.sunanbanki.mobile.update` ko `com.sunanbankii.mobile`, to magana ta ƙare, ko da tambarinsu ya yi kama kamar an tsaga kara. A iPhone haka abin yake, sai dai lamba ce ke zuwa bayan `id` a ƙarshen adireshin. Kada dai ki yanke hukunci don sunan ya yi miki kyau ko ya yi miki wani iri. Akwai manhajojin gaskiya masu sunan ciki da bai yi kama da na bankin ba, saboda wani kamfani ne ya rubuta musu ko sun canza suna daga baya. Daidaituwa da abin da bankin ya nuna ita ce ma'auni.

Bayan wannan sai ki taɓa sunan mawallafin, zai nuna miki duk abin da ya wallafa. In kika ga manhajar banki a jere da ta tocila, da ta gyaran hoto, da wasan yara, ba sai an faɗa miki ba. Ki sauka ƙasa zuwa App support. Tun 2023 Google ta fara tilasta wa kamfanoni kawo lambar D-U-N-S, wata lamba mai alƙaluma tara da ake tantance kamfani da ita, kuma a nan ake nuna cikakken sunan kamfanin da adireshinsa. Banki ba ya wallafa manhaja da sunan wani mutum guda, ba ya kuma ba da imel na Gmail a matsayin wurin kai koke. A App Store ki duba layin Seller ƙarƙashin Information. A Play Store kuma sai ki buɗe About this app ki ga Released on. Bankin da ya shekara goma yana da manhaja, da wuya a ce an saki tasa watan jiya. A sharhi kuma ki tsallake masu tauraro biyar, ki karanta masu tauraro ɗaya na kwanan nan, a nan waɗanda aka kwashe wa kuɗi ke kuka.

Duk waɗannan alamun taimako ne, suna kama macuci mai gaggawa. Wanda ya shirya yana iya yin rajistar kamfani mai suna makamanci, ko ya sayi tsohon asusun mawallafi mai tarihi, ya tsallake su. Kwatanta sunan cikin nan da na shafin banki ne ba ya tsallakewa. Akwai kuma yiwuwar manhajojin biyu duk na bankin ne, ɗaya ta ɗaiɗaikun mutane ɗaya ta 'yan kasuwa, ko tsohuwa da sabuwa, har wasu bankunan na neman bayanan kati a rajistar farko. Laifin bankunan ne da ba sa bayyana wa mutane wannan a fili, amma ba dalili ba ne na yin caca da asusunki. Shafinsu zai raba gardama.

In kuma kina da walet na kirifto a wayar, ki sani nasa ya fi tsanani. Kalmar sirrin banki ana canza ta, kalmomi 12 ko 24 na dawo da walet ba a canza su, kuma babu ofishin da za ki kira. Wanda ya rubuta su a manhajar da bai tantance ba, abin yi ɗaya ne: ya buɗe sabon walet da sababbin kalmomi a manhajar gaskiya, ya kwashe kuɗin zuwa can nan take. Masu walet na na'ura irin su Ledger da Trezor kuwa, duk manhajar waya da ta nemi su rubuta kalmomin nan a cikinta, su rufe ta.

Idan gwajin ya tabbatar miki ta bogi ce, ki ɗauki hoton shafinta, ki taɓa ɗigo ukun nan ki zaɓi Flag as inappropriate, sannan ki tura wa bankin adireshin da kika kwafe. Koken mai tambari ya fi saurin sa a cire manhaja, kuma ba za su iya kai shi ba sai sun san ainihin sunan cikin.