Saƙon barka da Sallah ga kakanni: ka bar musu wurin cewa amin

"Yaya, in Allah ya yarda zan tafi karatu Malesiya kafin azumi. Kakannina biyu suna raye, ba sa karatu, kuma ba su da babbar waya. Yaya zan yi musu barka da Sallah ta saƙon murya har ya shiga ransu?"

Ƙanena, Allah ya sa a tafi a sa'a. Sallata ta farko a Kuala Lumpur na aika wa kakata saƙo na kusan minti biyar, ina magana ba tsayawa. Ɗan yayata da ya kunna mata ya ce tun daga sallama ta fara amsawa, tana "wa alaikumus salam, lafiya lau", kafin ta rufe baki na wuce gaisuwa uku. Daga ƙarshe ta ce a kashe, wai yaron nan sauri yake yi. Abin ya dame ni ƙwarai. Tsoho ba sauraro kawai yake yi ba, hira yake da kai, ko da ya san ba ka jin sa. To bayan kowace gaisuwa da kowace addu'a ka yi shiru, ka ƙirga uku a zuciyarka, kamar kana durƙushe a gabansa kana jiran amsa.

Ga yadda nake yi wa tawa yanzu, duk bai kai minti biyu ba:

"Assalamu alaikum. (shiru) Inna, mijinki ne, ɗan wajen 'yarki ta fari, daga Malesiya. (shiru) Barka da Sallah. (shiru) An sha ruwa lafiya? (shiru) Ya ƙarfin jiki, ya ƙafar? (shiru) Ni lafiyata ƙalau. Na je idi, mun ci shinkafa da kaza tare da 'yan gida. Allah ya karɓi ibadunmu. (shiru) Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. (shiru) Allah ya jiƙan magabata. (shiru) Allah ya maimaita mana. (shiru) Inna, a sa mini albarka, a yi mini addu'ar karatu. Sai na ji daga gare ki."

Ka lura da wasan jika da kaka da na buɗe da shi. Waya tana sauya murya, jikoki kuma suna da yawa, amma da ta ji "mijinki ne" da sunan da take kirana da shi a gida, ta gane ni. Addu'a kuma ɗaya-ɗaya, kada ka jero biyar a numfashi guda, domin kowace tana da amin ɗinta. Kai addu'a za ka yi musu, albarka kuwa roƙonta za ka yi, don daga sama take saukowa. Kakanka namiji ka yi masa nasa daban, da tambayar gona ko masallaci, kada ka cusa shi a wutsiyar na matarsa.

A tsakar gida za a kunna saƙon, kowa yana ji. Saboda haka kada ka ambaci goron Sallar da ka tura ko nawa ne, kada ka kawo kukan kewa ko tsadar rayuwa. Muryarka ta ɗan yi rawa, kwana za ta yi tana cewa ba ka da lafiya ana ɓoye mata. Turanci ma ka ajiye shi, har ƙananan kalmomin da ke suɓuce wa ɗan makaranta.

Sai maganar lokaci. Malesiya tana gaban Najeriya da awa 7, kuma ba kullum ranar Sallarsu take dacewa da ta gida ba. Sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi da dare take fitowa, ku nan tsakar dare ya riga ya wuce. In ka tashi da asuba ka fara tabbatarwa, kada ka ce "an sha ruwa lafiya" ga mai azumi a baki. In ta tabbata, ka ɗauka a ɗaki, ƙofa a rufe, fanka a kashe, wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinka. Ka saurara da kanka kafin ka tura.

Tun kafin ka tafi ka zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri da zai riƙa kunna musu, ka nuna masa abu biyu. Ya duba saurin saƙon a WhatsApp ya tsaya a 1x, don matasa kan bar shi a 1.5x ko 2x, duk shirun da ka bari ya tafi a banza. Sannan ya jira an sauko daga idi, an ci tuwon Sallah, tsohuwa ta zauna a kan tabarmarta, ya kunna mata sau biyu. In ta gama, ya danna mata ta mayar maka da amsa da bakinta. Wannan amsar ka adana ta a wani wuri ban da wayarka.