Warƙar da ta ɓace daga kundin kaka

"Baba, ina rubuta gajeren labari, wani yaro ɗan ƙauye ya tsinci baitin da aka manta a tsohon kundin kakansa. To ta yaya yaron zai gane baitin na waƙar da ke cikin kundin ne, har mai karatu ya yarda?"

To ɗana, fara yanke shawara wane irin kundi ne. In littafin rubutu ne na makaranta mai ɗinki a tsakiya, baiti ba ya ɓacewa sai an yage takarda. Ni dai shawarata ka ba kakan kundi irin na malaman cikin birnin Zariya, warƙoƙi a warware babu ɗinki, an haɗa su cikin bangon da ake kira tadarishi an cusa a gafaka. Irin wannan ne warƙa ɗaya ke sulalewa shekara da shekaru ba wanda ya lura.

Masu kwafi a da ba su cika sa lambar shafi ba, abin da suke yi shi ne a ƙasan warƙa daga gefe sai su rubuta kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba. Nan labarinka yake. A ce yaron yana bi a hankali, ya ga ƙasan wata warƙa an sa "Tafiya", ya juya sai ya tarar ta gaban ta fara da "Ya Rabbi", ka ga ba sai kowa ya faɗa masa ba, ya san akwai abin da ya fita. Daga baya ya zazzage gafakar, wata takarda a ninke ta faɗo, gara ta ɗan ci bakinta, kalmarta ta farko kuwa "Tafiya".

Amma kar ka tsaya nan, don kalma ɗaya tana iya yin dace. Sa shi ya gwada amsa-amo. In waƙar ƙwar biyar ce, ɗango huɗun farko suna da nasu ƙaramin amsa-amo da ke iya canzawa daga baiti zuwa baiti, na biyar ɗin shi ne ba ya canzawa tun daga farko har ƙarshe, to in duk baitocin da "ra" suke rufewa dole wanda ya tsinta ma ya rufe da "ra". Kuma kai ma ka rera shi da bakinka kafin ka kawo min, in karin ya karye wallahi masu karatu za su ji.

Sai abu ɗaya da ke ba ni haushi a labaran yaran yanzu, yaro ya ɗau ajamin kakansa ya karanta tiryan-tiryan kamar jarida. Ina! Ko ya yi makarantar allo sai ya yi tuntuɓe, don "o" da "u" duk da rufu'a ake rubuta su, "b" da "ɓ" ma sau da yawa harafi ɗaya ne, ga tawada ta koɗe. Bar shi ya karanta ɗango uku ya maƙale a na huɗu, ya ɗau takardar ya nufi zauren liman bayan la'asar.