An Haife Ni Uɗarid Na Komawa Baya: Shi Ya Sa Magana Ke Yi Mini Nauyi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a jami'a, an haife ni ranar 10 ga Mayu, 2003. Na sa ranar haihuwata a wata manhajar taurari, sai ta ce an haife ni lokacin da tauraron Mekuri ke tafiya da baya, wai shi ya sa nake jinkirin ba da amsa, kuma na fi iya rubutu a kan magana. Abin ya ba ni tsoro domin haka nake. A aji nakan san amsa amma bakina ya yi nauyi, karatu kuma sai na maimaita sau uku kafin ya zauna. Da gaske tauraron nan ne?

Amsa: 'Yar'uwa, manhajar ba ta yi miki ƙarya a kan lissafi ba. A shekarar 2003 tauraron nan, wanda littattafanmu na Larabci ke kira Uɗarid, ya soma abin da ake kira komawa baya ranar 26 ga Afrilu, bai miƙe ba sai 20 ga Mayu, haihuwarki kuwa ta faɗo a tsakiya. Kwana uku kafin ki zo duniya, ranar 7 ga Mayu, ya ma gitta ta gaban rana, masu madubin hangen nesa a Afirka da Turai da Asiya suka gan shi kamar ɗigon tawada a fuskarta. Wannan duk tabbas ne. Inda zan rabu da manhajar shi ne fassarar da ta ɗora a kai.

Bari mu fara da ita komawar kanta, domin sunan yana ruɗarwa. Idan kin taɓa zuwa inda ake mazarƙwaila, kin ga dokin da ke juya injin matse rake. Ki tsaya daga gefe ki dube shi. Idan yana can ƙetaren injin za ki ga yana tafiya, a ce, daga dama zuwa hagu. Da ya zagayo ta gabanki sai ki ga yana tafiya daga hagu zuwa dama. Dokin bai juya ba, bai kuma rage sauri ba, zagayensa ɗaya yake yi. Haka Uɗarid yake. Yana zagaye rana cikin kwana 88, a da'irar da ke cikin tamu, mu kuma muna ɗaukar shekara guda. Kusan duk kwana 116 yakan zo ya wuce tsakaninmu da rana, a lokacin ne mai kallo daga doron ƙasa zai ga kamar ya juya ta yamma a tsakanin sauran taurari, har na tsawon kusan mako uku. Babu abin da ya canja a jikin tauraron. Wurin da muke tsaye ne ya ba mu wannan gani. Mutanen da sun san da shi sarai. Har wasu malaman tafsiri sun ce taurari biyar masu tafiya su koma, ciki har da Uɗarid, ake nufi da "al-khunnas" a Suratut Takwir.

To me masu duban taurari ke cewa game da wanda aka haifa a irin wannan lokaci? Zan faɗa miki shi yadda yake a wurinsu, don ki san abin da kika karanta daga ina ya fito. Tun ƙarni na biyu na Miladiyya, masanin taurari Baɗlamus na Iskandariyya ya danganta ɓangaren hankali da tunani na ɗan Adam ga Uɗarid. Larabawa suka gaji wannan, har suna yi wa tauraron laƙabi da al-Katib, wato magatakarda. A ƙa'idarsu, tauraron da ke komawa mai rauni ne, kamar manzon da aka aika ya yi ta waiwaye. Amma ba su tsaya nan ba. Sukan duba burujin da yake ciki, domin suna ganin ya fi ƙarfi a Jauza'u da Sumbula, ya fi rauni a Hutu. Sukan kuma duba nisansa da rana. A ranar da aka haife ki, bisa lissafin Turawa da irin manhajarki ke bi, rana na wajen daraja ta 19 a burujin Sauru, Uɗarid kuma wajen ta 14 zuwa 15. Tazarar kusan daraja 5 ke nan, kuma duk tauraron da tazararsa da rana ba ta kai daraja takwas da rabi ba sukan ce ya ƙone. Mai duba na da can zai ce naki ya haɗa rauni biyu. Amma da kin zo daidai sa'o'in da ya gitta rana ranar 7 ga wata, da sai su ce yana zuciyar rana, wanda a wurinsu babban matsayi ne. Kwana uku kacal tsakanin sarauta da ƙuna.

Wannan bayani mai taushi da kika gani, na cewa mai irin haihuwar nan yana tunani a ciki kafin ya furta, ya fi son rubutu, yana koyo ta hanyar maimaici, sabon abu ne. Ya bunƙasa ne a ƙarni na 20 a Turai da Amurka, lokacin da masu duban taurari suka ari harshen ilimin halayyar ɗan Adam. Ki lura da yadda aka gina shi: tauraro yana komawa baya, don haka tunani ma yana komawa ciki. Kamanci ne aka ɗauko daga kalma, ba wai an tara yara an auna su aka gano haka ba.

Ga lissafin da nake so ki riƙe. Sau uku a shekara, wani lokaci huɗu, kowanne kusan mako uku, ya kama kusan kashi ɗaya cikin biyar na kwanakin shekara. Ma'ana, a ajinku mai mutum 50, kusan 10 an haife su Uɗarid na komawa. Duk jaririn da aka haifa a duniya tsakanin 26 ga Afrilu da 20 ga Mayun 2003 yana tare da ke a wannan, daga wanda yanzu yake tallan kaya a kasuwa bakinsa ba ya hutawa, har wanda sai an yi da gaske ake jin muryarsa.

An kuma gwada ainihin da'awar cewa taswirar haihuwa, wato zanen inda taurari suke lokacin da aka haifi mutum, tana nuna hali. A 1985 mujallar Nature ta buga gwajin Shawn Carlson, wanda aka tsara shi da shawarar masu duban taurarin kansu. Aka ba su taswirar haihuwar mutum da bayanan hali guda uku, ɗaya nasa ne, biyu na wasu. Sun yi tsammanin za su dace aƙalla rabin lokaci. Suka dace kusan ɗaya cikin uku, daidai abin da mai canki-canka zai samu.

Na san za ki ce, amma ai ya faɗi halina daidai. Wannan ma yana da dalili. A 1948 wani malamin ilimin halayya, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa takarda, ya ce wa kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai. Suka ba ta maki sama da 4 cikin 5 wajen dacewa. Ashe takarda ɗaya ce ya ba kowa. Jimla irin "kina da abin faɗa amma ba kullum yake fita ba" ba ta rasa mai ita, musamman ga wanda dama abin na damunsa. Idan kina son ki gani da idonki, ki rubuta sunayen mutum ashirin da kika sani sosai, ki raba su gida biyu, masu saurin baki da masu nauyinsa, ki ajiye takardar. Sai bayan nan ki tambayi ranakun haihuwarsu ki duba a manhajar, inda za ki ga an sa alamar R kusa da tauraron idan yana komawa. Sharaɗin shi ne a raba kafin a duba, domin da zarar kin san amsa, idonki zai nemo miki hujja.

Ta fuskar addini kuwa, malamai sun raba ilimin taurari biyu. Akwai sanin tafiyarsu don alƙibla da lokaci da shigowar damina, wannan ba laifi. Akwai kuma jingina musu tasiri a kan halin mutum da rabonsa, wanda aka hana. Ranar da ɗan Annabi (SAW) Ibrahim ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka haɗa abubuwan biyu, shi kuma ya bayyana cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne kada tauraro ya rufe miki ƙofar neman dalilin gaskiya, domin nauyin bakin da kike ji ba ƙirƙira ba ne. Ki yi mako biyu kina lura da kanki. Da wane harshe abin ke faruwa? Ɗalibai da yawa suna gina amsa da Hausa, sannan su juya ta zuwa Turanci, kafin su gama malami ya wuce kan wani. Idan a ɗaki da ƙawayenki magana na zuba, sai a gaban aji ne take ɗaukewa, zuciya na bugawa, tafin hannu na gumi, to fargabar idon jama'a ce, kuma tana raguwa da sabo a hankali: ki rubuta jimla ɗaya tun kafin a shiga aji, ki ɗaura niyyar faɗinta, gobe ki ƙara. Idan kuwa sauti ne ke maƙalewa ko yana maimaituwa ko da a gida, tun kina ƙarama, wannan i'ina ce. Takan soma tsakanin shekara biyu zuwa biyar, takan bi dangi, kuma akwai masu gyaran magana da suka ƙware a kanta. Idan kina yawan cewa "na'am?" a cikin hayaniya, ki je sashen kunne da hanci da maƙogwaro a auna jinki. Idan kuma haruffa ne ke ba ki wuya, karatu a bayyane yana yi miki tsauri alhali in an karanta miki kina ganewa nan take, wannan matsalar karatu ce da ake iya tantancewa. Sai dai da yake kin ce rubutu ya fi miki sauƙi, na fi karkata ga biyun farko.

Maimaita karatu sau uku kuwa ba aibi ba ne, haka akasarin mutane ke koyon abu mai nauyi, kuma duk wanda ya yi tilawa a makarantar allo ya san haka. Gyara ɗaya zan ba ki. Maimakon ki karanta shafi sau uku a zama ɗaya, ki karanta sau ɗaya, ki rufe littafin, ki faɗi abin da kika riƙe da ƙarfi kamar kina koya wa ƙanwarki. Ki buɗe ki ga abin da ya kuɓuce. Ki sake gobe, sannan bayan kwana uku. Bincike ya nuna janyo abu daga ka ya fi sake karanta shi zaunar da ilimi, ga shi kuma kina horar da bakin a kan kalmomin da za ki buƙata a aji. Ki gwada haka da darasi ɗaya tak na tsawon wata guda, sannan ki rubuto mini yadda aka ƙare.