Hukuncin maida labarin kaka ƙagaggen labari bayan an canza sunaye

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni marubuciya ce ina rubuta littafi ina sakewa a waya kashi-kashi. Kakata ta wajen uwa ta taɓa ba ni labarin abin da ya same ta tana amarya, uwargidanta ta ƙala mata satar sarƙar zinare har aka kore ta gida da tsohon ciki, bayan shekara biyu aka ga sarƙar a cikin adakar ita uwargidan. Uwargidan ta rasu tuntuni amma jikokinta suna nan muna zumunci. Ina so in maida shi littafi, na canza sunaye da sunan gari, kuma na ƙara cewa uwargidan ta je wajen boka don labarin ya yi armashi. Wata ta ce min ƙarya ce kuma cin naman mamaci ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, asalin abin halas ne, amma a yadda kika tsara shi akwai gyara, kuma nauyin gyaran ba a maganar ƙarya da ƙawarki ta fara nunawa yake ba.

Maganar ƙarya mai sauƙi ce. Ƙaryar da shari'a ta hana ita ce ka ba mutum labarin da ba haka yake ba yana ɗauka haka ne ya faru. Wanda ya buɗe littafi ya san ƙagagge ne ba a yaudare shi ba. Makamatul Hariri da ake karantawa a zaurukanmu shekara da shekaru labarai ne da mai littafin ya ƙirƙira, malamai suna karantar da shi ba wanda ya ce zunubi ne. Ibn Hajar Alhaitami ma a Tuhfatul Muhtaj ya halatta sauraren labarin da aka san bai faru ba idan buga misali da wa'azi ake nufi da shi. Sai dai wannan sassaucin yana faɗuwa ne ranar da kika rubuta "labarin gaskiya ne" a saman shafi kamar yadda marubuta da yawa suke yi don jan masu karatu, alhali kin ƙara kin rage. Nan kam kin yi ƙarya.

Inda nauyin yake shi ne giba. Annabi (SAW) ya fassara ta a hadisin da Muslim ya ruwaito, ambaton ɗan'uwanka da abin da yake ƙi, aka ce to in abin yana tare da shi fa, ya ce in yana tare da shi ka yi gibarsa, in babu ka yi masa ƙage. Imam Nawawi ya bayyana a Al'azkar cewa ba sai da baki ba, rubutu da nuni da kwaikwayo duk suna ciki. Mutuwa kuma ba ta cire wa mutum alfarma, Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa kada ku zagi matattu don sun riga sun isa ga abin da suka gabatar.

To amma giba tana tabbata ne idan an san wa ake nufi. A hadisin Ummu Zar'in mata goma sha ɗaya suka zauna kowace tana siffanta mijinta, wasu sun faɗi aibi sosai, Nana A'isha ta ba Annabi (SAW) labarin bai hana ta ba, malamai suka ce saboda ba a san mutanen ba ne. Shi ma in zai yi gyara cewa yake "me ya sami wasu mutane suna kaza", ba ya kama suna. Don haka ma'aunin shi ne ganewa, ko an faɗi suna ko ba a faɗa ba.

Mu gwada da naki. Kin maida sunan uwargidan wani suna, kin ɗauke garin kin kai wani, madalla. Amma kin bar sarƙar zinare, kin bar tsohon ciki, kin bar adaka, kin bar shekara biyu, ga sunanki da na mahaifinki a jikin littafin. Baƙo a Zinder ko Kumasi ba zai gane komai ba, gaskiya ne, sai dai ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa jikar uwargidan nan da ke cikin zauren WhatsApp ɗin danginku, wadda tun tana yarinya take jin ana raɗe-raɗin maganar sarƙa. Shafi biyu za ta karanta ta ce ai kakarmu ce, ta tura wa iyayenta, kafin magariba an fara kiraye-kirayen waya, zumuncin da aka sha wahala aka ɗinke ya sake ɓarkewa. A wajen waɗannan canza sunan bai suturce kowa ba.

Sannan ga maganar bokan, wadda ita ta fi tayar min da hankali. Muddin ana iya gane matar, duk abin da kika ƙara don armashi a kanta zai sauka, mai karatu ba shi da hanyar rabe wanne kaka ta faɗa wanne kika ƙirƙira. Kin ga an tashi daga giba an shiga ƙage, kin jingina wa musulmar da ke kabari zuwa wajen boka ba ki gani ba ba a gaya miki ba. Da zina kika ƙara ko shakkar nasabar ɗa, da abin ya shiga babin ƙazafi wanda Suratun Nur ta yanka wa bulala tamanin. Ki tuna kuma ko asalin labarin ma daga baki ɗaya kika ji shi, ban ce Hajiya ta faɗi ba daidai ba, Allah ya ƙara mata lafiya, amma ɗayar ba ta nan balle ta faɗi nata.

Abin da za ki yi, ki ɗauki zuciyar labarin, wato an zalunci yarinya da ƙage gaskiya ta fito daga baya, ki sake mata jiki gaba ɗaya. Abin da ya ɓata ya zama kuɗin adashi ko takardar fili maimakon sarƙa, mai ƙagen ta tashi daga kishiya ta koma wata daban, a canza zamanin da sana'ar maigidan da yawan 'ya'ya da yadda asirin ya tonu, musamman wannan na ƙarshen don shi mutane suka fi riƙewa. In kin gama ki ba wata babba a dangi mai riƙon sirri ta karanta ba tare da kin ce mata komai ba. Ta ce "wannan ai kamar labarin su wance", to da sauran aiki. In ta karanta ta wuce, daga nan boka ko ma waye kika sa a ciki ba kowa kika ƙaga wa ba, mutumin littafi ne. Kuma kar ki zo wajen talla ko hira ki ce labarin kakata ne, da wannan kalma ɗaya kin warware duk abin da kika yi.

Saura haƙƙin ita kakar. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya to amana ce. In ta ba ki labarin ne a ɗaka tana rage murya, ko ta ce kar ki faɗa wa kowa, sai da izininta, kuma ki gaya mata gaskiya cewa dubban mutane za su iya karantawa a waya, kar ki ce mata ɗan rubutu ne kawai. In kuwa labari ne da take bayarwa a tsakar gida kowa na ji, neman izinin ladabi ne ba wajibi ba. Ta ce a'a, ki haƙura da shi ki nemi wani.

In kin riga kin saki wani kashi a yadda kika fara tsara shi, ki janye shi daga inda kika sa, ki yi istigfari, ki yi wa marigayiyar addu'a da sadaka. Wallahu a'alam.